Ranar da Aka Buɗe Kwalba: Rajistar Sinadarai a Ɗakin Gwaje-gwaje

Duk wanda ya taɓa sayen magani ya saba duba ranar lalacewa da kamfani ya buga a jikin kwali. A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ko na makaranta ma haka ne, kowace kwalbar sinadari tana zuwa da tata ranar. Sai dai akwai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, har da wasu ma'aikata: alkawarin da kamfani ya ɗauka ya tsaya ne a kan kwalbar da take rufe gam, wadda aka ajiye yadda ya ce a ajiye. Da zarar an murɗe murfi iska ta shiga, lissafi ya canza. Wani sinadarin ƙarfinsa zai riƙa raguwa har ya fara ba da sakamakon ƙarya. Wani kuwa zai rikiɗe ya zama abin da zai iya fashewa a hannun mai riƙe da shi.

Shi ya sa ake ajiye rajistar sinadarai. Littafi ne, ko jadawali a kwamfuta, da kowace kwalba take da layinta a ciki. Layin yana ɗauke da sunan sinadari, da lambar rukunin da kamfani ya sarrafa shi, da yawansa, da ranar da ya shigo sito. Bayan waɗannan akwai gurabe huɗu da su ne ƙashin bayan rajistar: alamar haɗari, yanayin ajiya, ranar buɗewa, da ranar da aka tsara za a rabu da kwalbar. Ƙa'idar ISO 15189, wadda ake auna ingancin ɗakunan gwajin asibiti da ita a duniya, ta wajabta rubuta lambar rukuni da ranar karɓa da ranar lalacewa da ranar fara amfani da kowane sinadari.

Domin a ga amfanin guraben nan huɗu, za mu bi kwalba ɗaya tak daga shigowarta har fitarta. A jikinta an rubuta Diethyl ether, mu kuwa za mu kira shi eta. Ruwa ne garai mai ƙarfin wari, wanda a da ake sa marasa lafiya barci da shi kafin tiyata. Har yau ana samunsa a ɗakunan gwaji da yawa, inda ake amfani da shi wajen gwajin bayan gida don neman ƙwan tsutsar ciki, da kuma wajen tatsar mai daga abinci a sashen kimiyya.

Abin da alamar jikin kwalba take faɗa

A ƙarshen shekarar 2002 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da tsari guda na yi wa sinadarai alama, wanda ake kira GHS, aka buga shi a 2003. Tsarin yana da hotuna tara, kowanne baƙin zane ne a kan fari, cikin jan murabba'i da ya tsaya a kan kusurwa. Harshen wuta yana nufin abu mai saurin kamawa. Harshen wuta a kan zobe yana nufin abin da ke rura wuta ko da shi kansa ba ya ci. Ƙoƙon kai da ƙasusuwa guba ce mai saurin kisa. Ruwa mai ɗiga yana cin hannu da ƙarfe alamar abu mai ƙuna ce, irin su asid. Hoton mutum da tauraro a ƙirji yana nuna cuta mai zuwa a hankali, kamar ciwon daji. Sauran su ne bam mai tarwatsewa, tukunyar gas, alamar motsin rai, da mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya.

Kwalbar eta tana ɗauke da biyu daga ciki: harshen wuta da alamar motsin rai. A ƙasansu akwai gajerun lambobi, kuma su ne ya kamata a kwafa cikin rajista, don hoto shi kaɗai ba ya bambanta ƙaramin haɗari da babba. Lambar H224 tana nufin ruwan da tururinsa suna matakin ƙoli na saurin kama wuta. H302 tana nufin yana cutarwa idan an sha. H336 kuma tana nufin shaƙarsa na kawo jiri da gyangyaɗi.

To amma ga inda alamar take da iyaka. Babu ko ɗaya cikin hotunan biyu da ke gaya maka cewa eta yana iya zama abin fashewa idan ya daɗe. Kwalaben da aka yi wa alama bisa dokar Tarayyar Turai suna ƙara lambar EUH019 mai wannan gargaɗi, amma wanda aka shigo da shi daga wata nahiya ba lallai ne ya zo da ita ba. Cikakken bayani yana cikin takardar bayanin tsaro da ake kira SDS, wadda wajibi ne a nema daga mai kawo kaya. Sashe 16 gare ta, kuma mai rajista ya fi bukatar uku: na 7 kan ajiya, na 10 kan abin da ke lalata sinadarin da abin da ba ya jituwa da shi, da na 13 kan zubarwa. Wanda ya cike rajista da hotunan kwalba kawai ba tare da karanta sashe na 10 ba, ya bar babban haɗarin eta a waje.

Inda za a ajiye, da maƙwabtan da za a ba shi

Eta yana tafasa ne a digiri 34.6 na ma'aunin Salshiyas. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, zafin rana yana wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ma'ana, sito mai rufin kwano da babu silin zai iya kai kwalba zafin da abin cikinta zai tafasa. Tururi ya taru ya matsa wa murfi, ya riƙa sulalewa ta gefe. Tururin nan ya ninka iska nauyi sau biyu da rabi, don haka ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, ya ratsa ƙarƙashin ƙofa, har ya iske wuta ko tartsatsin soket a ɗaki na gaba, sai wutar ta biyo shi ta dawo kan kwalba.

Idan mutum ya ji haka, abin da zai fara zo masa shi ne a sa shi a firiji. Wannan dabara ta ƙona ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama. Firijin gida yana da makunnin fitila da na'urar daidaita sanyi, kuma duka biyun suna iya yin ɗan tartsatsi duk lokacin da suka kunna ko suka kashe. Iska tana kama wuta idan tururin eta ya kai kusan kashi 2 cikin 100 nata. A firiji mai cin lita 200, eta da bai kai mililita 20 ba ya isa ya kai wannan mataki idan ya zama tururi. A ƙara da halin wutar lantarkinmu: an ɗauke wuta da tsakar rana, cikin firiji ya ɗumama, tururi ya cika shi, sai aka dawo da wuta na'ura ta kunna. Firijin da ya halatta a sa eta shi ne wanda aka ƙera musamman ba tare da wani abin tartsatsi a ciki ba. Inda babu shi, sai a nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, mai shan iska, a sa kwalbar cikin kabad ɗin ƙarfe nesa da hasken rana, a rataye ma'aunin zafi, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da la'asar.

Gurbin ajiya a rajista bai kamata ya tsaya a kan “sito” kawai ba. A rubuta kabad kaza, kanta kaza, da zafin da ba a so a wuce. Sannan akwai batun maƙwabta. Jera kwalabe bisa haruffan sunayensu yana sauƙaƙa nema, amma yana haɗa abokan gaba. A rubutun Turanci, sodiyam sayanayid da asid sulfurik duk da harafi ɗaya suke farawa, kuma idan suka haɗu gas mai kisa suke fitarwa. Daidai shi ne a fara rarraba kaya bisa alamar haɗarinsu, masu kama wuta gefe guda, masu rura wuta gefe guda, asid daban, guba a kulle, sannan a bi haruffa a cikin kowane rukuni. Eta ba ya zama kabad ɗaya da asid naitrik ko wani abu mai alamar wuta a kan zobe.

Abin da ke faruwa bayan an buɗe

Daga ranar da iska ta shiga kwalba, iskar oksijin takan fara haɗuwa da eta a hankali tana samar da wani sinadari da ake kira faroksayid. Haske da zafi suna hanzarta wannan aiki. Kwalbar da aka sha rabinta ta fi cikakkiya haɗari, saboda iskar da ke cikinta ta fi yawa. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne eta yana saurin bin iska, faroksayid kuwa ba ya bi. Don haka yayin da ruwan yake raguwa, faroksayid ɗin yana ƙara kauri a ɗan abin da ya saura, yana kuma bushewa a zaren murfi. Busasshen faroksayid yana fashewa da gogayya ko bugu ko zafi. Murɗa murfi kaɗai ya isa.

Kamfanoni sukan zuba ɗan sinadarin kariya da ake rubutawa BHT don rage saurin abin, amma shi ma yana ƙarewa da tafiyar lokaci, kuma akwai eta da ake sayarwa babu shi sam. Wannan ma abin rubutawa ne a rajista. Sanyi yana rage saurin taruwar faroksayid, amma ba ya hana ta.

Jami'o'i da cibiyoyin bincike da yawa sun raba irin waɗannan sinadarai gida-gida. Mafi muni, irin su daisofrofil eta, wata 3 kacal ake ba su bayan buɗewa. Eta namu yana rukuni na biyu: ana gwada shi aƙalla duk wata 6, kuma ana rabuwa da shi idan ya cika wata 12 da buɗewa. Wasu wuraren sun fi haka tsanani. Kowane ɗakin gwaji zai zaɓi ƙa'idarsa ya rubuta ta, amma doka ɗaya ba ta canzawa: tsakanin ranar kamfani da ranar da aka lissafa daga buɗewa, wadda ta riga zuwa ita ake bi.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka wani ɗakin gwajin asibiti ya karɓi kwalbar eta mai lita 2.5 ranar 10 ga Janairu 2024, kuma kamfani ya buga cewa za ta kai 2027. An buɗe ta ranar 4 ga Maris 2024. A wannan rana, kafin a mayar da ita kabad, ma'aikacin da ya buɗe zai rubuta abu uku a jikin kwalba da alƙalamin da ba ya gogewa, ya kuma kwafa su a rajista da sa hannunsa: an buɗe 4 ga Maris 2024, za a gwada 4 ga Satumba 2024, za a rabu da ita 4 ga Maris 2025. Hausawa suna cewa tun ran gini ran zane. Ranar zubarwa da ba a rubuta ta a ranar buɗewa ba, da wuya a sake tunawa da ita. Ka lura kuma cewa shekarar 2027 da ke jikin kwalba ta tashi daga aiki, ranar 2025 ta maye gurbinta.

Yanzu sai lissafi. Gwajin bayan gida ɗaya yana cin kimanin mililita 3 na eta. Idan ana yin irinsa 10 a mako, ana shan mililita 30 ke nan, wato mililita 1,560 a shekara. Ranar zubarwa za ta iske kusan lita guda a kwalba, a kan takarda. Da a ce za a jira ta ƙare, sai an kwashe sama da wata 19, an zarce wa'adi da fiye da rabin shekara. Nan rajista ta nuna wa mai sayayya abin da farashi ya ɓoye masa: babbar kwalba ta fi araha a kowace lita, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku nata asara ce, har da ƙarin kuɗin zubarwa. Ƙananan kwalabe masu mililita 500, da kowace za ta ƙare cikin wata 4, su suka dace da wannan ɗaki. Akwai ma mafita ta uku: ɗakunan gwaji da yawa sun koma amfani da etil asitet a wannan gwaji, wanda sai ya kai digiri 77 yake tafasa, kuma ba ya cikin masu wannan matsala ta faroksayid, ko da yake shi ma yana kama wuta.

Ranar 4 ga Satumba ta zo. Ana fara duba kwalbar da ido, ba tare da an girgiza ta ba. Idan ruwan garai yake, murfi kuma tsaf, sai a gwada. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa, a bar eta ya bushe, a ɗan jiƙa ta da ɗigon ruwa, a gwama launin shuɗin da ta yi da jadawalin jikin gwangwaninta. Inda babu takardar, ana girgiza mililita 10 na eta da mililita 1 na sabon haɗin fotasiyam ayodayid mai ƙarfin kashi 10 cikin 100. Idan launi bai canza ba, lafiya. Ruwan ɗorawa yana nuna akwai faroksayid, ruwan ƙasa kuwa yana nuna ya yi yawa.

Ma'aunin da wurare da yawa suke bi shi ne: ƙasa da kashi 25 cikin miliyan ana ci gaba da aiki, daga 25 zuwa 100 ba a dafa shi ko a busar da shi, sama da 100 an daina taɓawa sai masu kwashewa. A misalinmu, a ce takarda ta nuna 10. Za a rubuta sakamakon da rana da sunan mai gwaji, a ci gaba da amfani. Ranar zubarwa kuwa tana nan inda take. Da ta nuna 50, da ɗaki mai hankali ya jawo ranar zubarwa kusa, domin abin da ya kai haka cikin wata 6 ba zai tsaya nan ba. Kada a manta takardar gwajin ita ma sinadari ce mai ranar lalacewa, tana da layinta a rajista. Takardar da ta mutu takan nuna babu komai alhali akwai.

Kwalbar da babu wanda ya san tarihinta

Kusan duk wanda ya karɓi tsohon sito zai tarar da irinta a bayan kabad: ƙura ta rufe ta, takardar jikinta ta koɗe, babu ranar buɗewa. Wasu suna ɗauke da tsohuwar alamar Turai mai launin ruwan lemo, wadda aka gama daina amfani da ita a can tun 2017, abin da ke nuna kwalbar ta kwana biyu. Idan eta ce, a haska ta da tocila daga gefe ba tare da an ɗaga ta ba. Farin abu kamar gishiri a bakin murfi ko a gindi, ruwa mai yauƙi, ruwa da ya rabu hawa biyu, ko gwangwani da ya kumbura ko ya yi tsatsa, kowanne ya isa hujja. Irin wannan ba a buɗe ta, ba a gwada ta, ba a kai ta wani ɗaki. A kulle wurin, a liƙa sanarwa, a sanar da shugaban sashe, a kira ƙwararru kan abubuwa masu fashewa.

Asid fikrik, wani sinadari mai launin ruwan ɗorawa da ake haɗa ruwan gwajin aikin ƙoda da shi, yana da irin wannan hali ta wata fuska. Ana sayar da garinsa a jiƙe, da ruwa aƙalla kashi 30 cikin 100, domin idan ya bushe abin fashewa ne, musamman in ya haɗu da murfin ƙarfe. Layinsa a rajista yana bukatar ranar duba danshi a kai a kai. Kwalbar da aka tarar ta bushe, hukuncinta ɗaya da na tsohon eta.

Ranar rabuwa

Rubuta ranar zubarwa abu ne, samun hanyar zubarwar kuma abu ne daban, kuma a nan ɗakunan gwaji da dama suke tsayawa. Ba a juye eta a wurin wanke kwalabe, saboda yana tasowa kan ruwa, tururinsa ya bi bututu ya ɓulla inda ba a zata ba. Ba a watsa shi a ramin ƙona shara. Ba a bar shi buɗe a bakin taga ya bushe ba, domin hakan tattara faroksayid ne wuri guda. Ana barin sa a kwalbarsa ta asali, a liƙa mata takardar shara mai ɗauke da suna da yawa da sakamakon gwaji na ƙarshe, a miƙa ta ga kamfanin kwashe shara mai haɗari da hukumar muhalli ta amince da shi. A Najeriya, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 da hukumomin muhalli na jihohi su ne wurin neman jagora.

Amfanin sanin ranar tun da wuri shi ne a shirya mata. Mai rajista zai duba a farkon kowane wata ya fitar da duk abin da wa'adinsa zai cika cikin wata 3 masu zuwa. Abin da gwaji ya nuna yana da kyau, ana iya ba wani sashe da zai ƙarar da shi kafin ranar. Sauran kuma a tara su a nemi kuɗin kwashewa a kasafin shekara. Bayan an fitar da kwalba ba a goge layinta. Ana rubuta ranar fita, da hanyar da aka bi, da wanda ya karɓa.

Rajista tana mutuwa ne ta hanyoyi sanannu. Ana ba sinadari layi ɗaya alhali kwalabensa uku ne, kowace da ranarta. Ana buɗe sabuwa tsohuwa ba ta ƙare ba. Ana ɗiba a ƙaramin mazubi a bar shi babu suna babu rana. Ko kuma littafin yana hannun mutum ɗaya, da aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da sanin komai a kansa. Gane rajistar da ta mutu ba shi da wuya: ɗauki kwalabe biyar daga kanta ka nemi layinsu a littafi, sannan ka zaɓi layi biyar a littafi ka nemi kwalabensu a kanta. Idan ɗaya ta ɓace, sauran ma abin tuhuma ne.

Kiranmu ga shugabannin makarantu da na asibitoci shi ne su ware rana guda a wannan zango, su shiga sito tare da ma'aikacin ɗakin gwaji, su nemi ganin rajista. Duk kwalbar da aka samu a buɗe babu rana, a ware ta a bincika tarihinta kafin kowa ya sake taɓa murfinta. Daga ranar kuma a kafa doka cewa ba a mayar da sabuwar kwalba kanta sai an rubuta mata ranar buɗewa da ranar rabuwa. Ɗalibai da masu shara da ma'aikatan da ke shiga ɗakin kullum suna da haƙƙin wannan a kanku.